Monita ta maƙale a 1920×1080 bayan an haɗa ta da dok

"Assalamu alaikum. Na sayi monita mai inci 27 a nan Jidda, a jikin kwalinta an rubuta 2560×1440, amma idan na haɗa ta da laftof ɗina ta cikin dok ba ta wuce 1920×1080, rubutu kuma yana fitowa dishi-dishi. Tsakanin dok da monitar akwai wata ƙaramar adafta da kebul na HDMI. Na canza kebul ɗin, babu abin da ya sauya. Monitar zan mayar ko dok ɗin?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, ina roƙonka kada ka mayar da ko ɗaya tukuna, kuma kada ka ƙara sayen komai sai ka yi gwajin da zan bayyana maka, domin lambar da monitar ta tsaya a kanta tana nuna inda matsalar take tun kafin a cire waya ko ɗaya. Na shafe shekaru ina haɗa kwamfutoci a ƙananan ofisoshi tsakanin Jidda da Makka, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin mutum ya kashe riyal ɗinsa a kan sabon dok, wato akwatin ramukan da ake haɗa laftof da monita ta cikinsa, alhali laifin yana jikin adaftar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Ka fara da tabbatar da abubuwa biyu a cikin Windows. Ka danna Win+P ka ga ko an zaɓi Duplicate, domin idan allon laftof da monitar suna nuna hoto ɗaya, Windows yana neman girman da dukansu za su iya ɗauka, laftof da yawa kuwa 1920×1080 ne allonsu. Ka mayar da shi Extend ko Second screen only. Bayan haka ka shiga Settings, System, Display, Advanced display, ka zaɓi monitar, ka karanta layin Active signal mode, wanda a Windows 10 ake kira Active signal resolution. Wannan layin ne yake faɗin abin da ke bin waya a zahiri, kuma shi ne ma'aunin da za ka riƙa komawa gare shi bayan kowane gwaji.

Idan an wuce nan kuma lambar ba ta motsa ba, to ga yadda ake karanta ta. Monita tana ɗauke da ɗan bayanin kanta da ake kira EDID, inda sunanta da girman hoton da take iya nunawa suke rubuce, kwamfuta kuma tana karanta shi ta wasu siraran wayoyi biyu da ke cikin kebul ɗin. Idan wannan bayanin bai iso ba, kwamfuta ba ta san da wa take magana ba, sai ta koma ƙaramin girma kamar 1024×768, sunan monitar ya ɓace, a cikin Device Manager kuma ka ga Generic Non-PnP Monitor. Wannan ya fi faruwa da adaftar VGA, da akwatin raba hoto, da kebul ɗin da wani haƙorinsa ya lanƙwashe. Taka ba haka take ba. Hoton da ya tsaya daidai a 1920×1080, da sunan monitar yana fitowa lafiya, alama ce ta cewa an ji bayanin monitar sarai, amma wani abu a hanya ba zai iya ɗaukar nauyin cikakken hoton ba, sai kwamfuta ta cire manyan zaɓuɓɓukan daga jeri.

Nauyin da nake nufi lissafi ne mai sauƙi. Hoton 1920×1080 da ake sabuntawa sau 60 a daƙiƙa yana buƙatar a tura ɗigo miliyan 148.5 a kowace daƙiƙa idan an haɗa da tazarar da ake bari tsakanin layuka da tsakanin hotuna, wato 148.5 MHz. Hoton 2560×1440 a wannan saurin yana buƙatar kimanin 241 MHz. A tsakanin waɗannan biyun akwai wata tsohuwar iyaka ta 165 MHz, wadda aka gada daga kebul ɗin DVI mai layi ɗaya, kuma har yau akwai ƙananan adaftocin DisplayPort zuwa HDMI da aka ƙera a kan wannan iyakar. Ka ga kenan 1920×1080 yana shigewa ta ƙofar, 2560×1440 kuwa ba ya shiga. Adaftocin da suka biyo bayansu suna kai 300 MHz, wanda ya ishi monitarka, ko da yake mai monitar 4K zai tarar da su sun tsayar da shi a 30 Hz.

Irin wannan ne na tarar a wani ofishin aika kaya Najeriya da ke kudancin Jidda, inda akawunsu ya yi makonni yana murtuke ido a kan takardun lissafi. Kafin a kira ni sun riga sun canza kebul sau biyu, kuma mai ofishin ya yanke cewa monitar ce jabu. Da na leƙa bayan tebur sai na ƙirga abubuwa biyar a jere: ramin USB-C na laftof, wayar dok, dok ɗin kansa, wata baƙar adafta da aka cusa a ramin DisplayPort na dok ɗin, sai kebul na HDMI zuwa monita. Abin da na fara yi shi ne na zare wannan kebul ɗin daga adaftar na sa shi kai tsaye a ramin HDMI na jikin laftof. Allon ya yi baƙi na daƙiƙa biyu, ya dawo da 2560×1440 a 60 Hz, akawun kuma ya ce yanzu ne ya ga layukan jadawalin lissafinsa a tsaye. Wannan gwajin guda ɗaya ya wanke monitar, ya wanke kebul ɗin, ya kuma nuna cewa kwamfutar tana iya fitar da hoton. Saura mutum biyu kenan, dok da adafta. Na ari kebul mai DisplayPort a bakinsa biyu daga wata kwamfutar tebur da ke ofishin, na haɗa dok da monita ba tare da adaftar ba, hoton ya sake fitowa cikakke. Da muka juya ledar da adaftar ta zo a ciki, wadda Allah ya sa ba su yar ba, sai ga 1080P an rubuta da ƙananan haruffa a gefe. Maganin bai wuce sayen kebul ɗin DisplayPort guda ɗaya ba.

Tsarin da na bi shi ne nake so ka bi: ka fara da hanya mafi gajarta, kebul ɗaya daga laftof zuwa monita, sannan ka riƙa mayar da abu ɗaya-ɗaya, kana duba Active signal mode kowane lokaci. Abin da ka mayar lambar ta faɗi, shi ne mai laifi. Kada ka canza abu biyu a lokaci guda, domin ko an dace hoton ya gyaru ba za ka san wanne ne ya gyara shi ba. Idan laftof ɗinka ba shi da ramin HDMI, ka ari kebul na USB-C zuwa DisplayPort, ko ka gwada monitar da kwamfutar wani abokin aiki. Idan kuma aka haɗa kai tsaye amma lambar ta ƙi tashi, ka buɗe saitin jikin monitar da maɓallanta, domin wasu monitoci suna da ramukan HDMI biyu da ƙarfinsu ba ɗaya ba, wasu kuma suna da wurin zaɓar sigar HDMI ko DisplayPort da ake barinsa a kan tsohuwa. Ka kuma duba Display adapters a cikin Device Manager. Idan ka ga Microsoft Basic Display Adapter, to direban katin hoto ne babu, kuma babu wayar da za ta gyara wannan.

Ban yi mamakin cewa canza kebul bai amfane ka ba. Kebul ɗin HDMI na yau da kullum waya ce kawai, ba ya sanar da kwamfuta ƙarfinsa, saboda haka kwamfuta ba ta rage girman hoto dominsa. Idan ya gaza, abin da ake gani shi ne fararen ɗige-ɗige kamar yashi a kan hoton, ko allon ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko ya yi baƙi gaba ɗaya. DisplayPort ne yake da wani hali dabam, domin kafin hoto ya fito kwamfuta da monita suna gwada layin, idan suka ga ba ya ɗaukar babban gudu sai su sauka zuwa na ƙasa. Shi ya sa kebul ɗin DisplayPort ko USB-C mara kyau yake iya rage girman hoto ba tare da wata alama ba, har ma yau ya ba ka cikakke gobe ya hana ka.

Idan gwajin ya wanke adaftar ya nuna dok ɗin, to akwai dalilin da ya kamata ka sani kafin ka ce ya lalace. Ramin USB-C yana da layuka huɗu masu gudu. Yawancin dok ɗin da ba na Thunderbolt ba suna ba USB 3 layi biyu, su bar wa hoto biyu. Idan laftof ɗin DisplayPort 1.2 yake fitarwa, waɗannan layuka biyun suna ɗaukar 8.64 Gbps ne kawai. Monitarka ita kaɗai tana buƙatar kimanin 5.8, saboda haka ta shiga. Amma idan akwai monita ta biyu a jikin dok ɗin, ko da mai 1920×1080 ce, jimillarsu ta haura 9, dole ɗaya ta sauka. Ka cire ta biyun ka sake dubawa. Laftof da dok da dukansu suke da DisplayPort 1.4 suna samun 12.96 a kan layuka biyun nan, wanda ya ishi monitocin biyu. Akwai kuma wani nau'in dok da ke aiki da DisplayLink, wanda yake tura hoto a matsayin bayanan USB kuma sai an sa masa direbansa, iyakar kowane raminsa tana rubuce a takardarsa, ita za ka karanta.

A bisa abin da ka faɗa, adaftar nake fi zargi. Idan monitarka tana da ramin DisplayPort, kamar yadda yawancin masu 2560×1440 suke da shi, ka cire adaftar gaba ɗaya ka haɗa da kebul ɗin DisplayPort, ka kuma duba cikin kwalin monitar da kyau, domin sau da yawa yana zuwa da shi. Idan dole sai ta HDMI, idan ka je shago kada ka ce wa mai shagon ya ba ka wasla, wato adafta, kawai, domin wadda ta fi kusa da hannunsa zai miƙo maka. Ka nemi wadda aka rubuta Active da 4K@60Hz a jikin ledarta, ba 4K zalla ba, wanda sau da yawa 30 Hz ake nufi da shi. Ka tafi da laftof ɗinka, ka karɓi fatura, wato rasit, ka kuma tambaye shi ko zai canza maka idan ba ta yi ba. Idan ka yi gwajin haɗawa kai tsaye, ka turo mana abin da Active signal mode ya nuna da abin da aka rubuta a ƙarƙashin dok ɗin, in sha Allahu za mu duba tare.