Yaya zan rubuta talaka ba tare da na mayar da shi abin tausayi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta labarin Binta, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu a gidan haya a Kano, tana tuyar ƙosai. Waɗanda suka karanta babi uku na farko sun ce kukan ya yi yawa, wata ma ta ce kamar ina yi wa Binta bara ne. Ni kuwa so nake a ji zafin halin da take ciki. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ɗauko babin farko ki ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da sunan Binta ya fito, sannan ki duba wane ne yake aikatawa a cikinta. Idan abin da kika fi gani shi ne an kore ta, an zage ta, an hana ta, an taimaka mata, to kin gano ciwon. A labarin naki abubuwa ne suke faruwa da ita, ita ba ta yin komai sai haƙuri da hawaye. Mai karatu zai tausaya wa irin wannan mata a shafi biyu na farko, daga nan ya gaji, domin babu abin da yake jira ya ga ta yi.

Matar da take ciyar da yara huɗu da kaskon ƙosai kuwa ba ta zauna ba. Tun kafin kiran assalatu take yanke shawara, kuma kowace shawara tana da farashi. Mutuncinta a takarda yana cikin wannan lissafin ne, don haka ki fara da saninsa. Je ki zauna wurin mai ƙosai ta unguwarku, ki saya, ki gaya mata gaskiyar abin da ya kawo ki, ki tambaye ta yadda jarinta yake juyawa. Farashi yana sauyawa, sai ki sa na lokacin da labarinki yake faruwa, amma ga misali don ki ga yadda ake gina shi. A ce jarin Binta naira 9,000 ne: wake na 4,000, mai na 3,000, markaɗe 500, attaruhu da albasa da gishiri 700, itace 800. Ranar da kasuwa ta yi kyau ta tashi da 11,000. A cikin ribar 2,000 ɗin nan za ta zuba adashin 500, wanda da shi take tara kuɗin haya, sauran 1,500 kuma su ne awo da cefane da kuɗin Laraba na yara.

Yanzu ki sa autanta ya kwana da zazzaɓi, mai kemis ya ce magani 3,500 ne. Kada ki rubuta cewa ta rasa yadda za ta yi. Tana da hanyoyi, sai dai kowace da ƙayarta. Idan ta taɓa jari, gobe rabin wake za ta jiƙa, alhali itacen da za ta hura bai ragu da rabi ba, kuma masu sayen da suka zo ƙarfe takwas suka tarar ya ƙare za su koma wurin maƙwabciyarta, wasu ba za su dawo ba. Idan ta roƙi uwar adashi a ba ta ɗaukan wannan makon, sai wadda layi ya zo kanta ta yarda, kuma kuɗin haya ya tafi ke nan. Mai shagon bakin layi yana bin ta bashin mai tun makon jiya. Ƙanin mijinta zai bayar, amma zai sake tayar da maganar a ba shi babbar 'yar ta koma gidansa. Akwai kuma atamfa guda da ta rage a ƙasan akwati, wadda marigayin ya saya mata, dillaliya kuma ta daɗe tana tambaya. Wadda Binta ta zaɓa a cikin waɗannan ita za ta gaya mana wace ce ita. Wata macen za ta sayar da atamfar ba ta waiwaya ba, wata kuma gara ta kwana da yunwa da ta taka ƙofar dangin miji. Talaucinsu ɗaya, amma ba mutum ɗaya ba ne, kuma abin da mai karatu yake bi ke nan har ƙarshen littafi.

Ga yadda ake yawan rubuta irin wannan wurin: "Baiwar Allah ta rungume ɗanta tana kuka mai tsuma zuciya, abin gwanin ban tausayi, ko kwabo ba ta da shi." Gwada shi haka: "Ta kwance bakin zaninta ta sake ƙirgawa, duk da ta san adadin. Ta ware kuɗin wake gefe guda, ta dube su, ta mayar. Ta ce wa 'yarta Zainab ta jiƙa kwanon waken gaba ɗaya kamar kullum, sannan ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado." A na biyun babu hawaye ko ɗigo, ba a kuma gaya wa kowa ya ji tausayi ba. Mai karatu ya ga ta ƙi taɓa jari, ya san abin da ke cikin akwatin, zafin kuma ya same shi da kansa. Kalmomi irin su "baiwar Allah" da "abin tausayi" a bakin mai ba da labari suna ɗora marubuci a sama, jarumar a ƙasa. Ki bar su a bakin taurarin da za su faɗe su, kamar matar mai gidan haya, ki kuma nuna mana yadda Binta take ji idan an kira ta haka a gaban 'ya'yanta.

Wannan ya kai mu ga abin da na fi so ki riƙe. Babban aikin da talaka yake yi a ƙasar Hausa, bayan neman abinci, shi ne rufa wa kansa asiri. Ana ɗora tukunya a hura wuta ko da abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, don kada maƙwabta su lura yau ba a girka ba. Ana wanke kayan makarantar yaro da dare a shanya, ya saka da safe tsaf. Idan aka tambayi Binta ya gida, "Alhamdu lillahi" za ta ce, kuma idan bikin 'yar maƙwabciya ya zo sai ta kai gudummawarta ko da kwanon ƙosai ne, domin wanda ba ya kaiwa ba a kawo masa. Marubucin da ya cika shafi da yagaggun kaya da ƙudaje da yara masu majina ya tona abin da matar ta kwana tana rufewa. Wannan ido na baƙo ne da ya leƙo ya fita. Mai ɗakin ba ta ganin tsagewar bango kullum, ta san dai inda rufi yake yoyo da damina, ta san kuma wace roba ake tarawa a wurin. Ki bayyana ɗakin da idonta: abin da take alfahari da shi, abin da take ɓoyewa idan an yi sallama.

Sai dai a kula, gudun tausayi kada ya kai ki ga ƙawata talauci. Akwai wani hoton da ya zama ruwan dare a littattafanmu na soyayya: talaka mai haƙurin da ba ya ƙarewa, wanda bai taɓa ɗaga murya ba, ga kyau ga tarbiyya, kamar rashin ne ya wanke shi. Shi ma wannan rage mutum ne, domin an ce sai ya zama waliyyi kafin ya cancanci a damu da shi. Yunwa tana gajarta haƙuri. Bari Binta ta daka wa Zainab tsawa a kan ƙosai biyar da suka zube, ta kwana tana jin ciwon abin. Bari ta rage girman ƙosan ta ce wa masu saye wake ne ya yi tsada, rabi gaskiya rabi dabara. Mafi nauyi, bari ta ɗora wa yarinyar talla da hantsi alhali ta san makaranta ake fashi, ta san kuma irin mazan da ke zaune a tasha. Kada ki wanke ta, kada kuma ki yanke mata hukunci. Ki nuna lissafin da ya kai ta can, da gargaɗin da take yi wa yarinyar a bakin ƙofa. Haka nan ki bar ta ta yi dariya. A tsakar gidan haya ana tsokana, ana gulma, ana kitso, ana sauraron rediyo, kuma labarin da babu wannan a cikinsa bai faɗi gaskiya ba.

Ki duba bakinta ma. Kuskure ne a sa talaka ya riƙa magana kamar wawa ko a karkatar da Hausarsa don a nuna ba shi da boko. Matar da take ciniki da mutum hamsin kafin hantsi ta fi yawancinmu iya zance.

Rashin nata kuma ya kasance yana da sanadi da za a iya nunawa, ba mugun mutum guda kawai ba. Muguwar kishiya ko azzalumin ƙanin miji suna da sauƙin rubutawa, amma idan su kaɗai ne dalili, mai karatu zai ɗauka da an kawar da su shi ke nan. Idan labarinki ya faɗo a 2023, kina da abubuwa biyu da kowa ya shaida. A farkon shekarar an yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, mai sayen ƙosan ɗari biyu ya zo ba tsaba a hannunsa, ita kuma ba ta da asusun banki, sai ta karɓa ta asusun mai shago ko ta bayar bashi. Daga ƙarshen watan Mayu kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na markaɗe suka tashi. Ba sai kin yi wa mai karatu lacca ba. Ya isa mai inji ya ce mata daga yau an ƙara, ta tsaya da bokiti a hannu tana sake lissafi.

Game da ƙarshen labarin, na san jarabar da ke jiran ki: wani Alhaji ya tsaya da mota ya sayi ƙosai, ya gan ta, ya aure ta. Ba haramun ba ne Binta ta sake aure ko ta samu taimako, mutane suna taimakon juna kullum. Matsalar ita ce idan ceton ya sauko daga sama, duk wahalar da ta sha a babi ashirin ta zama zaman jira kawai. Idan taimako zai zo, ya biyo ta hanyar da ita ta share: uwar adashin da ta shekara tana ganin ba ta taɓa fashin zubi ba ta tsaya mata a ba ta buhun wake bashi, ko mai shayin da ke sayen ƙosanta ya ce ta riƙa kawo masa na safe gaba ɗaya. Sannan ki ba ta damar yin sharaɗi, ko ma ta ƙi wani tayin. Kafin ki ci gaba zuwa babi na huɗu, ki koma ukun farko ki tabbatar a kowane babi akwai wuri aƙalla guda da Binta take da zaɓi biyu a gabanta, ta ɗauki ɗaya, ta kuma biya kuɗinsa a babi na gaba.