Layi ya yanke ina cikin tura kuɗi: in sake turawa ko in jira?

Tambaya: Na tura naira 18,000 ga mai shagon da nake sayen shinkafa a wurinsa ta lambar banki da ake dannawa a waya. Ina sa lambar sirri sai wayar ta daɗe tana juyawa, daga baya ta rubuta `Connection problem or invalid MMI code`. Saƙon cire kuɗi bai zo mini ba, shi kuma ya ce bai ga komai ba. In sake turawa? — Wata mai sayar da abinci, Kano

Amsa: Hajiya, kada ki sake turawa tukuna, domin abin da wayar ta rubuta labarin layi ne kawai, bai gaya miki halin da asusunki yake ciki ba. Tsarin `USSD`, wato lambar banki da kike dannawa a waya, gajeriyar zantawa ce tsakanin wayarki da bankinki ta hanyar kamfanin layi, kuma tana da ƙayyadadden lokaci, idan amsa ta yi jinkiri sai ta yanke da kanta. Da zarar kin sa lambar sirri kin tura, mai yiwuwa ne umarnin ya riga ya isa banki, amsar ce kawai ta maƙale a hanyar dawowa. Da a ce layin ya yanke ne kafin ki sa lambar sirri, da babu abin damuwa, domin banki ba ya taɓa kuɗi kafin wannan matakin.

Ki bari kamar minti goma sha biyar su wuce, sannan ki duba abin da ya rage a asusun, kuma ki duba jerin hada-hadar ƙarshe idan lambar bankinki tana bayar da shi. Mu ɗauka kina da naira 52,000 kafin turawar. Idan kin ga abin da ya rage ya ɗan gaza 34,000, to an cire kuɗin tare da ɗan cajin banki, kuma sake turawa biya ne sau biyu. Idan har yanzu 52,000 ce, alama ce mai kyau, amma a ranar da layin banki yake da cunkoso cirewar takan zo a makare, don haka ki ƙara dubawa bayan awa ɗaya kafin ki yanke shawara. Rashin zuwan saƙon tes ba hujja ba ce ko kaɗan, domin yakan yi sa'o'i a hanya, wani lokaci ma ba ya zuwa. Shi ma mai shagon ya kamata ya buɗe asusunsa ya duba da idonsa, ya daina jiran ƙarar waya.

Inda ake shan wahala shi ne a cire daga wurinki amma bai shiga wurinsa ba. Idan bankunanku daban ne, kuɗin yana bi ta kamfanin NIBSS da ke haɗa bankuna, kuma kowace turawa tana da lamba mai alƙaluma 30 da ake kira `Session ID`. Ki nemi wannan lamba daga bankinki, ko a reshe ko ta lambar kula da abokan hulɗa da ke bayan katinki, ki ba mai shagon ya kai wa bankinsa. Da ita ake gane ko kuɗin ya isa can bai shiga asusu ba, ko kuwa an mayar da shi. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2018 ta ce turawar da ta faskara a mayar wa mai ita cikin awa 24. Ki shigar da ƙorafi a rubuce, da rana da lokaci da adadin kuɗi da lambar asusun mai karɓa, ki karɓi lambar ƙorafin ki adana. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, kina da damar kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin.

Game da shinkafar, idan girki ba zai jira ba kuma mai shagon ya san ki, ku yi magana ya ba ki kayan a jira zuwa gobe, wanda hakan ya fi aminci gare ku duka. Idan dole sai kin biya yau, ki biya a hannu, ku rubuta a littafinsa cewa in 18,000 ɗin farko ta shigo zai mayar miki, domin kuɗin da ya riga ya shiga asusun wani, banki ba ya ciro shi da maganarki kaɗai.

Kuma ki kiyayi mai kiran waya da zai ce daga banki yake, zai taimaka a dawo da kuɗin, musamman idan kin rubuta kukanki a shafukan sada zumunta. Mayar da kuɗin da ya maƙale ba ya buƙatar lambar sirrinki, ko lambar katinki, ko lambar da ake turowa ta tes, kuma duk wanda ya tambaye ki su, ki katse kiran.