Jinin biki ya ɗauke tun kafin arba'in

"Gwaggo, kin san na haihu ran 20 ga Sha'aban. Jinin ya ɗauke mini ran 12 ga azumi da hantsi, yau 17 ban ƙara ganin komai ba. Hajiya ta ce mai jego ba ta salla ba ta azumi sai ta yi arba'in, shi ya sa na zauna. Shin daidai ne? Me zan rama, me ba zan rama ba?"

'Yar nan, saƙonki ya sa ni murmushi, ya kuma sa gabana ya faɗi. Murmushin don maganar Hajiyarku ce kunnena ya ji fiye da shekara arba'in da suka wuce, ko kalma ba a sauya ba. Faɗuwar gaban kuwa don kwanakin da kika lissafa ba na wasa ba ne, a watan azumi kuma. Amma matambayi ba ya ɓata, kin kyauta da kika buɗe baki, da yawa kunya ke rufe su har arba'in ɗin ta cika.

Haihuwata ta fari gida aka mai da ni wanka, kamar yadda ake yi wa kowace mai ɗan fari. A ɗakin Iya na zauna, kakarmu ta wajen uba, ba ki riske ta ba. Sanyi ake yi na gaske. Tun kafin kiran assalatu za a hura wuta a ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunya a bayan ɗaki, a zuba ganyen darbejiya, ya tafasa har ruwan ya koma kore. Ungozoma ta tsoma damin ganye tana fyaɗa mini a jiki, tururi ya rufe mu ba ma ganin juna. Ina fitowa ga kunun kanwa a ƙwarya, ga gasasshen nama da yaji. Safe da yamma haka. Ni a lokacin ban san wani abu ya wuce wannan ba, kuma tabarmar sallata tana naɗe a jingine bayan ƙofa tun ranar da naƙuda ta kama ni.

Abin da Iya take yi, kullum da asuba bayan ungozoma ta fita, da kuma dare kafin mu kwanta, sai ta miƙo mini ɗan farin ƙyalle wankakke, ta kau da kai ta ce, "Je ki duba." In na dawo ba ta tambayar komai sai launi. Ja ne, ko ƙasa-ƙasa, ko fatsi-fatsi? Duk waɗannan a wurinta jini ne, sai ta ce in koma in kwanta. Wata asuba, ban ko kai wata guda ba, ƙyallen ya fito yadda ya shiga. Iya ta tashi da kanta, da tsufanta, ta ɗauraye wata ƙaramar tukunya, ta ɗebo ruwan randa zalla ta ɗora a wuta.

Nan fa ungozoma ta dawo ta tarar. Ta ce tun da take karɓar haihuwa ba ta taɓa ganin mai jego ta hau tabarmar salla kafin arba'in ba, ɗanyen jiki ne, kuma ai yanzu aka gama yi mata wanka, wane wanka kuma? Iya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wankanki na ƙashi ne da jijiya, ki ci gaba da shi har arba'in, ba wanda ya hana ki. Wannan na Mai Sama ne, kuma ba a yin sa da ruwan da ganye ya rina." Da musu ya ƙi ƙarewa aka aiki yaro zaure wurin Baffa, yana tsakiyar biya wa almajirai karatu. Bai shigo ba, saboda kunya. Yaron ya dawo da amsa cewa Ahalari ya faɗa ƙarara: iyakar jinin biki kwana 60, in kuwa ya yanke kafin nan, ko da a ranar haihuwar ne, mace ta yi wanka ta yi salla. Iya ta warware tabarmar da hannunta ta kakkaɓe. Na yi asubar nan a zaune saboda jiri, jaririn na kuka a cinyarta, ungozoma na tsaye bakin ƙofa da damin ganyenta. Washegari ta zo ta yi mini wankanta kamar kullum, ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

Ki lura da zancen ruwan nan, don nan mata da yawa ke tuntuɓe. Ruwan da ganye ya sauya masa launi ko ƙamshi ko ɗanɗano ba ya ɗauke hadasi, komai zafinsa. Wankan tsarki yana son ruwa zalla, ki ɗumama shi yadda jikinki zai iya, ki ƙulla niyyar fita daga jinin biki, ki game jiki duka har gindin gashi, kina cuɗawa.

Ita arba'in ɗin ba daga sama Hajiya ta tsinto ta ba, kada ki raina ta. An ruwaito daga Nana Ummu Salama cewa masu biki a zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, suna zama kwana 40, kuma Hanafiyya da Hambaliyya a nan suka tsayar da iyakar jinin. Mu a mazhabar Imamu Malik 60 muka karanta. Amma da masu 40 da masu 60 duk iyaka ta sama suke faɗa, wato inda in jini ya wuce ba a ƙara lissafa shi na biki. Ba wanda ya ce macen da ta ga tsarki ta zauna jiran kwanaki su cika. Da adadin wankan jego ya zo daidai da wannan adadi, sai mutane suka haɗe su abu guda. Iya kan ce, "Kwana na ungozoma ne, ƙyalle na salla ne."

To yanzu naki. Da fari ki tabbata ɗaukewa ya yi da gaske, don ba ki faɗa mini yadda kika duba ba. Jinin biki yakan tashi daga ja ya koma ƙasa-ƙasa, sannan fatsi-fatsi, kuma yarinya na iya ganin jan ya tafi ta ce ta yi tsarki. Alamar biyu ce: ko auduga ta fito busasshiya ba launi, ko ki ga farin ruwan nan da ke zuwa a ƙarshe. Mata kan aika wa Nana Aisha audugarsu da ɗan fatsi-fatsi a jiki, ta ce kada su yi gaggawa sai sun ga farin. In har yanzu kina ganin launi, kina cikin biki, ba sallar da ake binki.

In kuwa tun hantsin ran 12 fes kike, ga lissafinki. Sallolin da suka wuce daga haihuwa zuwa asubar ran 12 sun faɗi, ba ramuwa, ko raka'a guda. Amma daga azahar ɗin wannan rana salla ta dawo wuyanki. Ran 12 salla huɗu ke nan, azahar da la'asar da magariba da lisha. Daga 13 zuwa lishar 17, kwana biyar, salla 25. Duka 29. Ki yi wanka yau, ki fara biya a jere yadda suka wuce, gwargwadon ƙarfinki, in tsayuwa ta gagara ki zauna. Azumi kuma daga 1 zuwa 11 kina cikin jini, ran 12 alfijir ya keto ba ki yi tsarki ba, shi ma ya shiga, 12 ke nan. Ki ƙara biyar ɗin da kika sha bayan haka, 17. Waɗannan bayan ƙaramar salla za ki rama su, ɗaya madadin ɗaya. Kaffarar kwana 60 ta wanda ya karya da gangan ce yana sane da haramcin, ke kuwa faɗa miki aka yi bai halatta ki yi ba kika yarda.

Kada ki ce don me ake rama azumi ba a rama salla. Wata baiwar Allah mai suna Mu'azatu ta yi wa Nana Aisha wannan tambaya, amsar da ta samu ita ce su ma hakan na samun su a zamanin Annabi, sai a umarce su da rama azumi, ba a umartar su da rama salla. Iya takan ƙara da cewa azumi baƙon shekara ne, salla kuwa 'yar gida ce sau biyar kullum, da an ce mace ta biya ta duk wata da ba ta huta ba.

Yana iya dawo miki, kada ki ruɗe. In ya dawo kafin ki cika kwana 15 cikin tsarki, na bikin ne ya ci gaba, ki ajiye salla, ki haɗa kwanakin jinin da na baya, kuma abin da kika sallata a tsakani ya yi. In sai bayan 15 ya zo, haila ce sabuwa. In kuwa ya zo da yawa yana jiƙe ƙunzugu nan da nan, ko da wari, ko da zazzaɓi, wannan ba maganar lissafi ba ce, a kai ki asibiti a ranar.

Ita hailar ma, tunda ta shigo, abin da ke damuna da ku shi ne rashin riƙe lissafi. Mu ƙwallon dabino muke jefawa a gwangwani, duk azumin da ya kuɓuce ɗaya, in an rama a cire. Yanzu ga waya a hannun kowa, amma ka tambayi yarinya nawa ake binta ta ce wajen shida ko bakwai. Wata jini zai zo mata saura kaɗan a sha ruwa, ta ce ai an kusa, ta ƙirga shi cikin na kirki, alhali ya karye. Wata kuma ta ga tsarki kafin alfijir, don ba ta samu yin wanka ba ta wuni tana ci, alhali niyya za ta ɗaura ta kama bakinta, wankan ya biyo baya ko da gari ya waye. Sai Sha'aban ya zo a shiga kame-kame. Nana Aisha takan kai ramuwarta Sha'aban, akwai wannan sarari, amma wadda ta yi sakaci har wani azumin ya shigo, ga ramuwa ga ciyar da mudun Annabi kan kowace rana, wato cikin tafi biyu na hatsi, ba mudun kasuwa ba.

Sauran kwanakin watan nan ki gwada jikinki. In kin ɗauka kika ga nono na janyewa ko jiri na ɗibarki, mai shayarwa tana da rangwame, ki sha, ki rama daga baya, kuma a wurin malamanmu za ki ciyar da mudun nan kan kowace ranar da kika sha don yaron. Wannan daban ne da na jinin, kada ki cakuɗa su a lissafi.

Hajiya kuwa kada ki je mata da "Gwaggo ta ce". Uwa ce, lafiyarki take tsaro. Ki ci gaba da wankanta da kununta, ki sa maigidanki ya tambayi limamin unguwarku ya kawo mata amsar da bakinsa, ya fi sauƙin shiga. Ki gaishe ta, ki shafa mini kan angon nawa, kuma ki aiko mini da abin da kika gani a audugar daren yau.