Tambayi Likita: Me Ya Sa Inshora Ba Ta Biya Duka Ba?

"Likita, wata biyu ke nan ina fama da ciwon kai. Na nemi hoton ƙwaƙwalwa, kamfanin inshora ya ce wai bai wajaba ba. Ba ni ce mai ciwon ba?" Malamar makaranta, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Malama, Allah ya ba ki lafiya. A takardar yarjejeniyarku akwai sharaɗin cewa abin da ya wajaba a likitance kaɗai za su biya. Likitan kamfanin bai taɓa ganinki ba, abin da likitanki ya rubuta yake karantawa, yana duba ko sakamakon hoton zai sauya maganin da za a ba ki. Idan "ciwon kai" kawai aka rubuta, zai ƙi, kuma sau da yawa da gaskiyarsa, domin yawancin ciwon kai ba ya buƙatar hoto. Amma idan akwai amai da sassafe, gani biyu-biyu, mutuwar hannu ko ƙafa, ko farfaɗiya, hoton ya wajaba. Ki koma ki faɗa wa likitanki duk alamomin da kike ji da magungunan da aka gwada ba su yi aiki ba, ya rubuta su, ya sake neman lambar izinin yin hoton daga kamfanin. In kuwa kina da ɗaya daga cikin alamomin nan, ki tafi asibiti yau, maganar kuɗi ta biyo baya.

"An yi mini aikin ƙaba a asibitin kuɗi kan naira 450,000. Na kai rasit, suka mayar mini da 270,000 kacal." Ma'aikacin banki, Daura

Yallabai, ba su musa cewa aikin ya wajaba ba, farashin ne ba su yarda da shi ba. Kowane kamfani yana da nasa jadawali na abin da ya ɗauka a matsayin kuɗin da aka saba karɓa kan kowane aiki a yankinku, kuma a kansa yake lissafi. A ce jadawalinsu ya sa ƙaba a 300,000, yarjejeniyarka kuma ta ɗora maka kashi 10 cikin 100. Za su cire 30,000, su ba ka 270,000. Sauran 150,000 da ya haura jadawalin kuwa naka ne gaba ɗaya, wato 180,000 daga aljihunka. Ka nemi su ba ka lissafin a rubuce, asibitin kuma ya rarraba rasit ɗin: tiyata, kashe ciwo, gado, magani. Rasit ɗin da aka dunƙule shi ne aka fi zaftarewa. Nan gaba ka tambayi adadin da za su biya tun kafin a sa ranar aiki.

"Ina cikin tsarin NHIA, amma an ce in cika kuɗi don na zaɓi maganin hawan jini ɗan Ingila." Wata uwa, Ƙofar Marusa

Hajiya, tsarin NHIA, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, yana biyan magani ne da sunansa na asali, kamar amlodifin, ma'aikaci ya ba da kashi 10 cikin 100. Son wani kwali na musamman zaɓinki ne. In mai rahusar yana da lambar NAFDAC kuma awon jininki ya daidaita a kansa, ki ci gaba da shi.