Waƙar da na ji a tasi ta ƙi fita daga raina

*Malam, barka da aiki. Ranar Talatar da ta wuce da yamma na shiga tasi daga Kabuga zuwa Bata, na ji wata waƙa ta mace da namiji, da kalangu a ƙarƙashin fiyano. Kafin in tambayi direba har an iso. Ita nake so a sa wa ƙanwata ranar kamu. Mai turin waƙa na unguwarmu ya ce in biya ya cika mini memori da sababbin waƙoƙi, wai ba za a rasa ta a ciki ba. In biya?* Wata 'yar uwa daga Gwale, Kano

'Yar uwa, riƙe kuɗinki tukuna. Memori cike da waƙa ɗari biyar laluben allura ne a cikin ruwa, kuma babu tabbacin allurar ma tana ciki. Abin da zai kai ki ga waƙar yana cikin kanki da cikin wayarki, sai dai a tono shi kafin mantuwa ta binne shi.

Fara da wannan tambayar: rediyo ne direban ya kunna, ko memori? Komai a kanta ya rataya. Tuna abin da ya biyo bayan waƙar, ko abin da ya gabace ta. In kin ji tallar magani ko ta makaranta, ko muryar mai gabatarwa yana miƙa gaisuwa, ko sautin ya ɗan yi shuu da kuka bi ta ƙarƙashin gada, to rediyo ne. In kuwa wata waƙar ce ta hau kanta ba tare da kowa ya yi magana ba, ko direban ya miƙa hannu ya tsallake wata tun ba ta kai rabi ba, wannan memori ne ko wayarsa ce ya haɗa da Bluetooth. In memori ne, babu gidan rediyon da zai taimake ki, sai ki tsallaka zuwa batun mai turi da zan zo kansa.

A ce rediyo ne. Yanzu sai lokaci, kuma a nan mutane suka fi sakaci. “Da yamma” ba lokaci ba ne. Waƙar Hausa ta zamani takan ci kamar minti biyar, don haka a awa guda tasha za ta iya sa waƙa goma in babu surutu da yawa. In kika matse lokacin ya dawo minti goma sha biyar, waƙa uku kawai ake magana. Wayarki za ta matse miki shi. Duba kiran da kika yi kina cikin motar, ko saƙon WhatsApp da kika tura cewa ga ki nan tafe, ko alat na banki in kin sayi wani abu da saukarki. In saƙon ya nuna 4:38, alat ɗin kuma 5:02, kin ga an kewaye waƙar. Ƙara da abin da ido ya gani: an fito daga sallar la'asar ne, ko ɗalibai na tashi? A wace mahada kuke lokacin da amshin ya shigo? Rubuta duk wannan yau, kada ki bari sai gobe.

Sai tashar. Mutane da yawa idonsu yakan faɗa kan lambar da ke haske a gaban mota ba tare da sun lura ba. A Kano 99.5 Freedom ce, 93.1 Arewa, 97.3 Rahama, 88.5 Dala. In ba ki tuna lamba ba, tuna harshen mai magana. Cool FM a 96.9 Turanci ya fi yawa a bakin masu gabatarwarta, Wazobia a 95.1 kuma an san ta da Turancin buroka, saboda haka in tsantsar Hausa kika ji da jerin gaisuwar masu sauraro, sai ki fara da tashoshin Hausa.

Ga dabarar da na fi yarda da ita, kuma ko kwabo ba ta ci. Shirye-shiryen rediyo a kan jadawali suke tafiya, na kullum ko na mako-mako. Talata mai zuwa, a lokacin da kika gano, a ce ƙarfe huɗu da rabi, ki zauna da rediyonki ki bi tashoshin nan ɗaya bayan ɗaya. Ba waƙar za ki nema ba, muryar mai gabatarwar za ki nema, ko tallar nan da kika ji. Kunne yana gane murya fiye da yadda muke zato. Da kin gane shirin, aiki ya zo da sauƙi, don masu gabatarwa suna yawan maimaita waƙar da ke tashe. In bai sa ta ba, kada ki kira layin da ake kira kai tsaye, a can gaisuwa ake yi cikin gaggawa. Tura saƙo a shafin tashar, ko ki je ofishinsu ki nemi wanda ya yi aiki ranar, ki ce masa: Talata kaza ga wata, tsakanin 4:38 da 5:02, mace da namiji, akwai kalangu. Wanda aka kawo wa bayani haka yakan tuna, ko ya duba abin da ya sa a kwamfuta.

Da sunan waƙar a hannu, ko babu, mai turi yana da amfani, amma ki je wurin wanda ya san kaya, irin na kasuwar waya ta Farm Centre da suke wuni suna tura wa mutane. Rera masa amshin, ko da kalma uku kika riƙe. Kada ki ji kunya, sana'arsu ke nan. Ki ce waƙa ɗaya kike so, kuma sai kin saurare ta daga farko har ƙarshe kafin ki biya. Wannan na dage a kai saboda biki ne. Kari ɗaya yakan fito da riga iri-iri: akwai ta asali, akwai wadda aka sake rerawa don wani ɗan siyasa, akwai wadda aka yi wa wani ango da amaryarsa da sunayensu a baiti na uku. Na taɓa zama a wurin kamu aka saki irin wannan, ana tsakiyar rawa sai ga sunan wata amarya daban da na danginta, uwar amarya har ta kasa ɗaga kai. Ba na so haka ta sami ƙanwarki. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya.

*Malam, a wani kantin atamfa na ji waƙa da harshen da ban sani ba, kamar Larabci kamar ba shi ba. Wace manhaja zan saya?* Wani ɗan uwa daga Fagge

Ba sai ka sayi komai ba, ɗan uwa. Kanti ba ya gudu kamar tasi. Koma a irin lokacin da ka je, domin yaron da ke tsaron kanti a wannan lokacin galibi wayarsa ce ke haɗe da sifika, ka gaishe shi ka tambaya. In ka tarar waƙar tana tashi, manhajar gane waƙa ta Shazam kyauta ce, ka matsa kusa da sifikar don hayaniyar kasuwa da ƙarar janareta suna rikita ta. In ba ta tashi, buɗe manhajar Google, taɓa alamar makirfo, zaɓi `Search a song`, ka yi gunjin karin na daƙiƙa goma zuwa sha biyar. Sun fi dacewa a kan waƙoƙin Indiya da na Larabawa da suka yi suna, amma waƙar da aka buga a ƙaramin situdiyo ba a ɗora ta a manyan dandalin waƙa ba, ba za su gane ta ba. In hakan ta faru, nemi izinin mai kanti ka naɗi rabin minti a wayarka, ka kunna wa wanda ya zauna a Sudan ko Chadi. Ko bai san mawaƙin ba, zai gaya maka Larabcin wace ƙasa ne.