Goran da ba a fafewa ranar tafiya

"Malam, a karin maganar nan ta 'ba a fafe gora ranar tafiya', mene ne fafewa? Ni goran da na sani shi ne na roba da ake sayar da ruwa a ciki." Wata ɗaliba ce daga Kano ta aiko.

'Yata, ba ke kaɗai ba ce. A gabana aka yi wa wata tsohuwa, yayar mahaifina, irin wannan tambaya a ƙauyenmu da ke kusa da Gumel, kuma amsar da ta bayar ta fi tawa, don haka ita zan ba ki.

Jikanta ne ya zo hutu daga birni. Daren da zai koma makarantar kwana, sai ga shi da wandon makaranta a yage, yana neman tela bayan isha'i. Tsohuwa tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Maigida, ai ba a fafe gora ranar tafiya." Yaro ya ce, "Iya, wane gora kuma? Ruwa a tasha zan saya."

Ta aike shi ɗakinta ya ɗauko wani abu da ke rataye a bango: gora mai siririn wuya da faffaɗan ciki, ya yi ja saboda daɗewa, da igiya a wuyansa. Ta ce masa wannan ɗan duma ne, kuma daga duma ake samun ƙwarya da ludayi, siffar ɗan ce kawai ta bambanta. Da damina ake shuka shi, ya yaɗu a kan dangar gida ko rumfa. Ba a taɓa shi sai ya ƙosa, sannan a bar shi ya bushe har in ka girgiza ka ji 'ya'yan suna kaɗawa.

"To, sai fafewa," in ji ta. A yanke bakin, a zura ƙarfe mai lanƙwasa, wanda ake kira mafafi, a kankare abin da ke ciki, a zazzage 'ya'yan. Ƙwarya ba ta da wahala, tunda biyu ake raba ta, hannu yana kai ko'ina. Gora kuwa bakinsa ƙarami ne, sai an zuba tsakuwa an yi ta girgizawa kafin cikin ya fita tas.

Nan yaron ya ce, ai wannan aikin awa ɗaya ne. Tsohuwa ta ajiye gyaɗa. Ta ce saura ɗaci. Sabon gora yana da ɗaci mai tsanani, sai an cika shi da ruwa an bar shi ya kwana, a zubar, a sake, kwana da kwanaki. Wasu matan ƙasari suke zubawa, wato ruwan da aka wanke gero da shi. Ba a yarda da shi sai an kurɓa an ji ruwan ya koma ruwa. Ta ce a zamaninsu, mai zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis a ƙasa, in ya fafe gora da asuba ya cika, rana na takewa zai kai baki ya ji ba ya shawuwa, in kuma ya daure ya haɗiye, cikinsa ya murɗa. Ga shi da ruwa a kafaɗa, ga ƙishirwa.

Wannan bayani na ɗaci shi ne abin da na fi so ki riƙe, domin ina ganin a nan mutane suke rage wa karin maganar nauyi. Sukan ce ma'anarta "a shirya da wuri", su tsaya. Amma akwai shirin da gaggawa take iya cim masa, kamar ɗaure kaya. Fitar ɗacin gora ba ya cikinsu, ko mutum goma ka tara ba za su sa ruwa ya kwana kafin dare ya yi ba. Shi ya sa ake faɗinta ga ɗalibin da ya buɗe littafi daren jarrabawa, ko manomin da ya tafi neman iri bayan an yi ruwan shuka. Ba a faɗa wa wanda tafiyar gaggawa ta faɗo wa, kamar rasuwa, domin shi bai san da ranar ba.

Game da kalmar, za ki ji wasu suna cewa "fafa gora". Tushen ɗaya ne, sai dai "fafe" tana nuna an gama aikin ƙarƙaf, kamar bambancin "kama" da "kame". Sannan goran duma namiji ne, shi ya sa tsofaffi suke cewa "goran ruwa". Gorar da ake sanda da ita mace ce, kuma karin sautinsu daban. Kwalbar roba aron suna ta yi daga na duma.

Wandon kuwa, tsohuwa ce ta ɗinke shi da allura a hasken tocila, yaron yana riƙe da goran yana shinshina bakinsa.