Me ya sa kwamfuta ba ta iya riƙe √2 daidai?

Tambaya: Malam, ina koyon Python. Na rubuta math.sqrt(2) * math.sqrt(2) sai ya ba ni 2.0000000000000004, alhali kalkuletar wayata 2 take ba ni. Wani ya ce min ai √2 ba ya rubutuwa a matsayin lamba bisa lamba. Ta yaya aka tabbatar, tunda ba wanda ya gwada duk lambobin duniya? Ko dai kwamfutar ce da matsala?

Amsa: Ɗan'uwa, kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kuma wanda ya gaya maka haka gaskiya ya faɗa. Sa wannan ka ga abin da ta ajiye a zahiri:

```python
import math
print(math.sqrt(2).as_integer_ratio())
# (6369051672525773, 4503599627370496)
```

Ta ƙasan nan 2⁵² ce. Duk lamba mai ɗigo da Python ke ajiyewa ta wannan hanya, a ƙarƙashi lamba ce bisa lamba, ta ƙasan kuma 2 ce da aka yi ta ninkawa. Wannan da ta ajiye ta ɗara √2 na gaskiya da ɗan ƙiris, shi ne ƙarin da ya leƙo a ƙarshen amsarka. Kalkuletar waya ba ta nuna maka wannan jelar, shi ya sa ka ga 2.

Sauran tambayar taka ita ce mai daɗin. Lallai ba a gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya ba, don ba su da iyaka. Dabarar ita ce a ƙaddara cewa akwai irin wannan lamba bisa lamba, a bi ta a hankali har a ga ta ci karo da kanta. Idan kowane taki daidai ne amma aka ƙare a kan abin da ba zai yiwu ba, to laifin na ƙaddarawar farko ne.

Abu biyu za ka riƙe a hannu kafin mu fara. Na farko, lamba cika ita ce mai rabuwa biyu ba saura, ana rubuta ta 2k. Mara kuwa 2k + 1. Na biyu, kowace lamba bisa lamba ana iya rage ta har ta ƙi raguwa: 30/42 ta koma 15/21, ta koma 5/7, nan ta tsaya. Dole ta tsaya, domin kowane ragi yana ƙanƙanta ta ƙasan, kuma lambobin ƙirga ba sa sauka ƙasa da 1.

1. Mu ƙaddara √2 = p/q, inda p da q lambobin ƙirga ne, kuma an riga an rage su, babu wata lamba sama da 1 da ke raba su duka biyu.

2. Ninka kowane gefe da kansa: 2 = p²/q².

3. Ninka gefe biyun da q²: p² = 2q².

4. Gefen dama 2 ne sau wata lambar ƙirga, saboda haka p² cika ce.

5. Tunda p² cika ce, ita ma p cika ce.

A nan zan ɗan tsaya, don wannan layin ne ɗalibai ke tsallakewa da “ai a bayyane yake”, alhali shi ne ƙashin bayan hujjar. Da p mara ce, da an rubuta ta 2k + 1. Ninka ta da kanta: (2k + 1)² = 4k² + 4k + 1 = 2(2k² + 2k) + 1. Wato 2 sau wani abu, da saura 1, mara ke nan. Gwada da 7: k = 3, sai 36 + 12 + 1 = 49. Mara sau kanta kullum mara take haifarwa, don haka p² da muka samu cika ba za ta fito daga mara ba.

6. Saboda haka p = 2m, inda m lambar ƙirga ce.

7. Mayar da wannan cikin layi na 3: (2m)² = 2q², wato 4m² = 2q².

8. Raba gefe biyun da 2: q² = 2m².

9. Wannan siffar layi na 3 ce sak, sai dai yanzu q ce a hagu. Da dalilin layi na 4 da na 5, q² cika ce, q ma cika ce.

10. Layi na 5 ya ce 2 tana raba p, na 9 ya ce 2 tana raba q, na 1 kuwa ya ce babu abin da ke raba su duka biyu. Ba za su zama gaskiya tare ba.

Daga layi na 2 zuwa na 9 ba mu yi komai ba sai ninkawa da rabawa, babu wurin da kuskure zai ɓuya. Layi na 1 ne kaɗai muka ɗauka ba hujja, shi ne zai faɗi. Kada kuma a ce sharaɗin ragewar ne ya faɗi: da akwai kowace p/q da ta yi daidai da √2, da ragaggiyarta ma tana nan. Hujjar tsohuwa ce, tun a rubuce-rubucen Aristotal, masanin falsafar Girka, an ambace ta, inda ya ce da gefen murabba'i da layin da ya ratsa kusurwoyinsa suna da ma'auni ɗaya, wato da √2 lamba bisa lamba ce, da mara ta zama daidai da cika.

Ga yadda nake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace kawai: ya gwada matakan a kan √4. Mun san √4 = 2/1, saboda haka dole hujjar ta karye a wani wuri. Layi na 3 zai zama p² = 4q², p cika ce, p = 2m, sai 4m² = 4q², wato m² = q². Shi ke nan, ba abin da ya tilasta wa q zama cika, babu karo. Wanda ya “tabbatar” da cewa √4 ba ta rubutuwa, duba layinsa na 5, za ka tarar ya ce tunda 4 tana raba p² to tana raba p. Ƙarya ne: 4 tana raba 36, ba ta raba 6. Da 2 abin ke tafiya, haka da 3 ko 5, domin su ba sa tsaguwa zuwa ƙananan lambobin da aka ninka.

Hujjar ba ta hana kusantar √2 ba, ta hana cim masa ne kawai. Takardar A4 da kake sa wa firinta tsawonta milimita 297, faɗinta 210, kuma an zaɓi wannan siffa ne don tsawo bisa faɗi ya zama √2, yadda in ka naɗe ta biyu siffar ba za ta canja ba. Rage 297/210 da 3 ka samu 99/70. To 99² = 9801, 2 × 70² = 9800. Saura ɗaya tak. Je ka 577/408: 332929 da 332928, nan ma saura ɗaya. Tazarar p² da 2q² lambar ƙirga ce, layukan can sun hana ta zama sifili, saboda haka 1 ita ce iyakar ƙoƙari.

Wannan ne ya sa ƙara wa kwamfuta ƙwaƙwalwa ba zai gyara ba. Lambobi miliyan bayan ɗigo ma lamba ce bisa lamba, ta ƙasanta 1 da sifili miliyan, layi na 10 na jiran ta. A aikinka, kada ka gwada irin waɗannan lambobi da ==, yi haka:

```python
x = math.sqrt(2)
print(x * x == 2)              # False
print(math.isclose(x * x, 2))  # True
```

In kuwa amsa daidai kake so ba kusa ba, sai ka ɗauko SymPy, wadda ke riƙe √2 a matsayin alama ba ta mayar da shi lamba mai ɗigo ba. A can sympy.sqrt(2)**2 zai ba ka 2 cif.